Kurakuran da malaman kwamfuta ke yi wajen rubuta wa shugaban makaranta neman ƙara girman rubutu a na'urori

A zangon nan kaɗai, sababbin malamai uku sun kawo mini daftarin wasiƙa iri ɗaya in duba musu. Kowanne yana da ɗalibi ko ɗaliba da ke manna fuska a jikin allon kwamfuta kafin ya iya karanta layi guda, kuma kowanne yana so shugaban makaranta ya amince a ƙara girman rubutu, a kuma kunna tsarin nan da ke raba kalar rubutu da ta bango sosai, wato `High contrast`. Niyyarsu mai kyau ce. Amma dukkan wasiƙun uku na ɗauke da kurakuran da na taɓa yi da hannuna, har wata yarinya ta yi asarar zango guda a dalilinsu. Na gaji da maimaita bayani, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kuskure na farko, wanda ya fi ci mini rai, shi ne rubuta wasiƙar da shugaba zai karanta ya ji ƙanshin neman kuɗi. Wasiƙata ta farko na cika ta da manyan kalamai, ina roƙon a "inganta ɗakin kwamfuta domin ɗalibai masu buƙata ta musamman". Ka sa kanka a kujerar firinsifal. Janareto na jiran mai, rufin aji ɗaya na yoyo, ga takarda daga malamin kwamfuta tana maganar ingantawa. Me zai fahimta? Sababbin na'urori. Ya rubuta a gefenta a ajiye sai kuɗi sun samu, aka zura ta cikin fayil. Ni kuma na zauna ina jiran amsa, ina ganin ai na sauke nauyi. A duk tsawon wannan zango, wata ɗaliba zabiya a aji biyu na babbar sakandare tana zaune kusa da taga, idonta na zubar da ruwa saboda hasken farin shafi, ƙawarta ce ke buga mata aikin. Da jarrabawar gwaji ta zo, aka raba su, ta miƙa rabin aiki.

Ran da na shiga ofis na yi bayani da baki, abin da ya ce mini shi ne: "Malam, to me ya sa ba ka ce kyauta ba ne?" Har yau ba ni da amsar wannan tambaya.

Saboda haka ni yanzu layin farko bayan gaisuwa shi ne cewa wannan buƙata ba ta cin ko kwabo. Saituna ne da suke cikin Windows tun asali. Abin da ake nema a wurin shugaba abu uku ne kacal: izini a rubuce, umarni ga mai riƙe da kalmar sirrin na'urorin, da sa'a ɗaya da ɗakin ba kowa. Idan ba ka faɗi haka ƙarara ba, shugaba zai cike gurbin da abin da ya saba gani.

Wasu ƙananan kurakurai ba sa buƙatar dogon bayani. Kada ka rubuta sunan yaro a wasiƙar da za ta bi hannun magatakarda da masinja, ka ce "ɗalibai biyu a aji kaza", sunayen ka faɗa da baki. Kada ka sanya wa yaro sunan ciwo, kai ba likitan ido ba ne. Ka faɗi abin da ka gani, ka kuma ba da shawarar a sanar da iyaye su kai shi asibitin ido. Kada ka tsallake mataimakin shugaba mai kula da karatu idan ta hannunsa takardu ke bi a makarantarku. Sannan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2019, gaskiya ce tana nan, amma wanda ya buɗe wasiƙar roƙo da ita ya mayar da roƙo ƙara.

Kuskure na biyu ya zo ne bayan an ba ni izinin, kuma shi ya kusa rusa komai. Murna ta ɗebe ni, na ce ai abin da ya yi wa mutum ɗaya amfani zai yi wa kowa. Na bi na'urori ashirin da huɗu ɗaya bayan ɗaya, na ƙara girman komai zuwa 150%, na kunna baƙin bango a dukkansu. Alhali a na'urorinmu jerin zaɓin da Windows ta bayar ya tsaya ne a 125%, ni na kutsa cikin `Advanced scaling settings` na rubuta 150 da hannuna. Ban gwada ko manhaja ɗaya ba.

Ga lissafin da ban yi ba. Allunanmu ƙanana ne, 1366 a kwance, 768 a tsaye. Idan ka ƙara girma zuwa 150%, filin da ya rage wa manhaja kamar 911 ne da 512. Akwai tagogi da yawa da tsayinsu ya wuce 512, musamman na tsofaffin manhajoji. Washegari 'yan aji uku suka shigo atisayen jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta. Tambaya ta fito ɓaro-ɓaro, amma maɓallan `Next` da `Submit` sun nutse ƙasan allo, babu hanyar kai musu. Bayan su malamar da ke koyar da Excel ta shigo, ta ce yara su bambanta kalolin jadawali, kalolin da suke gani ba su ne waɗanda ta shirya darasi a kansu ba. Kafin azahar ƙorafi ya isa ofis, aka ba da umarni a mayar da komai yadda yake. Komai, har da na'urar yarinyar da aka yi abin dominta. Sai da na shafe makonni ina lallashi kafin a sake saurarena.

To ku sababbin malamai, wa ya gaya muku baƙin bango alheri ne ga kowane ido? Wani yaron fari a kan baƙi ke hutar da shi, wani kuwa haruffan ne ke yi masa dishi-dishi, ya fi son baƙi a kan fari da haske a rage. Wani ma matsalarsa kujera ce: rana na dukan allon ta taga, ga ƙurar hunturu ta kwanta a kai wata guda ba a goge ba. Kun zauna da yaron kun tambaye shi? Ba ku zauna ba. Kun ga abu a waya, kun ɗauki biro. Minti goma sun isa: ka zaunar da shi, ka buɗe shafi ɗaya, ka canza saitin sau uku ko huɗu, ka sa ya karanta a bayyane yana jingine da kujera. Wanda ya karanta da shi ba tare da ya sunkuyo ba, shi za ka rubuta a wasiƙa.

Al'adata yanzu ita ce in nemi na'ura uku ko huɗu kawai, a layin da ya fi nisa da taga, in manna musu lamba. A Windows 10 ina danna `Win + U`, in shiga `Display`, in fara da `Make text bigger`, domin shi haruffa yake ƙarawa, bai cika ture maɓallai waje ba. Girman komai kuwa ba na wuce 125% a ƙaramin allo, wanda ke barin fili kamar 1093 da 614. A Windows 11 abin yana ƙarƙashin `Accessibility`, a `Text size` da `Contrast themes`. Shi kuma bambancin kala ba na barinsa a kunne dindindin, ina koya wa yaron ya kunna ya kashe da kansa:

```
Left Alt + Left Shift + Print Screen
```

Rubutun cikin takardar Word ba ya bin saitin `Make text bigger`, sai a riƙe `Ctrl` a murza tayar linzami. Kuma kada wani ya ruɗe ka da rage `Display resolution`. Haruffa za su yi girma, amma su yi hazo, ka ƙara wa mai raunin gani wahala.

Akwai tarko ɗaya da kusan kowace wasiƙa ke mantawa. Waɗannan saituna suna bin asusun da aka shiga da shi ne, ba na'urar gaba ɗaya ba. Idan ka gyara a asusunka na malami, ɗalibi ya shiga nasa, ba zai ga komai ba. Sannan ɗakuna da yawa suna da manhajar da ke daskarar da na'ura, duk abin da aka canza ya goge da zarar an kashe an kunna. A inda wuta ke ɗaukewa sau uku kafin tashi, gyaranka ba zai kai tara da rabi ba. Dole wasiƙar ta nemi injiniyan da ke kula da ɗakin ya buɗe, a yi saitin a asusun ɗalibai, ya sake rufewa. Alamar an yi daidai ɗaya ce: kashe na'urar gaba ɗaya, kunna, shiga a matsayin ɗalibi, ka duba.

Ga gangar jikin wasiƙar da ta yi mini aiki. Ko da Turanci za ka rubuta taka, tsarin bai canza ba:

"Ranka ya daɗe, ina neman izinin yin wani gyara a ɗakin kwamfuta wanda ba zai ci kuɗi ba. Na lura ɗalibai biyu a aji biyu ba sa iya karanta allo sai sun kusanto da fuska sosai, kuma ba sa gama aikin gwaji a kan lokaci. Ina roƙon a ware na'ura mai lamba 21 zuwa 24, a ƙara girman rubutunsu zuwa 125%, a kuma bar ɗaliban su kunna bambancin kala idan sun zauna. Na gwada wannan a na'ura ɗaya da Word, Excel da manhajar atisayen jarrabawa, duk maɓallan suna fitowa. Sauran na'urori ashirin ba za a taɓa su ba, kuma ana iya mayar da saitin cikin minti biyar. Ina buƙatar a umarci injiniya ya buɗe na'urorin ranar Juma'a bayan an tashi."

Jumlar "na gwada" kada ka rubuta ta sai ka gwada ɗin da gaske, a kan ainihin allon da yaron zai zauna a gabansa, ba a kwamfutarka ta hannu ba.

Idan shugaba ya sa hannu, ka ɗauki kwafi biyu. Ɗaya a fayil ɗinka, ɗaya ka manna a cikin ƙofar kabad ɗin ɗakin, tare da lambobin na'urorin da saitin kowacce. A hutun ƙarshen shekara akan sake ɗora Windows a na'urori, duk gyaran ya tafi, kuma mai yiwuwa injiniyan da zai zo ba wanda ka yi aiki da shi ba ne. Ni a makon farko na kowane zango, kafin yara su shigo, nakan kunna na'urorin nan huɗu in duba su da takardar a hannuna.