Yadda ake lissafin nauyin da yashi zai ɗauka a ƙarƙashin dogon harsashi

Dogon harsashi shi ne wanda ke bin ƙarƙashin bango, tsawonsa ya ninka faɗinsa sau da yawa, shi ya sa ake lissafinsa kan kowace mita ɗaya ta tsawo. Tsarin da muke aiki da shi ya samo asali daga Karl Terzaghi a 1943:

```
qu = c·Nc + q·Nq + 0.5·γ·B·Nγ
q  = γ·Df
```

A nan qu shi ne iyakar matsin da ƙasa za ta iya ɗauka kafin ta gaza, c ƙarfin mannewar ƙwayoyinta, γ nauyinta a kowace mita kubik, Nc, Nq da Nγ kuma lambobin ninkawa ne. A tsabtataccen yashi c sifili ne, domin ƙwayoyinsa ba sa manne wa juna, saboda haka kashi na farko ya fita. Na sha ganin masu koyo sun damƙi yashi mai danshi, sun ga ya dunƙule a tafin hannu, sai su ba c wata 'yar ƙima. Kada ka yi haka. Danshi ne ya riƙe shi, da ya bushe ko ya jiƙe sharkaf zai wargaje.

Kafin ka taɓa lamba, ka san abin da kashi biyun da suka rage ke nufi. In nauyi ya fi ƙarfin yashi, ƙasar da ke ƙarƙashin harsashin takan nutse da siffar tsini, ta ture ta gefe, ta gefen kuma ta kumbura sama. Kashi q·Nq shi ne nauyin ƙasar da ke gefen harsashin, daga doron ƙasa zuwa gindinsa, wadda ke danne wannan kumburin. Kashi 0.5·γ·B·Nγ kuma nauyin yashin da ke ƙasa da gindin ne, wanda sai an ture shi kafin harsashi ya tafi. Zurfi Df ke ƙarfafa na farkon, faɗi B ke ƙarfafa na biyun.

Mataki na farko, samo φ, kusurwar gogayyar ƙwayoyin yashin, daga gwajin ƙasa. Ita kaɗai ke fitar da Nq da Nγ. Ni na fi amfani da waɗannan, Nγ ɗin na Vesic ne:

```
Nq = e^(π·tanφ) · tan²(45° + φ/2)
Nγ = 2·(Nq + 1)·tanφ
```

A φ = 30°, Nq 18.4 ne, Nγ kuma 22.4. A 35° sun zama 33.3 da 48. Digiri biyar kacal, amma amsa ta kusa ninkawa. Don haka ban yarda a zaɓi φ da ido ba, kuma in gwaji ya ba ka tsakanin 30 da 33, ɗauki 30. Sannan ka tsaya kan jadawali ɗaya na Nq da Nγ. Na Meyerhof yana ba da Nγ kusan 15.7 a 30°, na Terzaghi kansa yana ba da Nq 22.5. Wanda ya tsinto babbar lamba daga nan, ya tsinto wata daga can, ya haɗa abin da babu wanda ya gwada.

Mataki na biyu, zuba lambobin. Mu ɗauki harsashi mai faɗin mita 1.5, zurfi mita 1, γ = 18 kN/m³, φ = 30°, ruwan ƙasa yana can nesa.

```
q  = 18 × 1.0 = 18 kPa
qu = 18×18.4 + 0.5×18×1.5×22.4
   = 331 + 302 = 633 kPa
```

Zuwa nan kusan kowa yana samu daidai. Inda ake faɗuwa shi ne mataki na uku, ruwan ƙasa, kuma ni ma a nan na fara tuntuɓe. Harafin γ ya fito sau biyu, sai mutum ya ɗauka abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Wanda ke cikin q na ƙasar da ke sama da gindin harsashi ne, wanda ke kashi na ƙarshe na ƙasar da ke ƙasa da gindin ne, har zurfin kusan B. Kowanne sai ka tambaye shi ko yana cikin ruwa.

Dalilin shi ne ƙarfin yashi gaba ɗaya daga matsewar ƙwaya da ƙwaya yake zuwa. In ruwa ya cika tsakaninsu, yakan ɗauke musu wani ɓangare na nauyinsu, kamar yadda dutse ke yin sauƙin ɗagawa a cikin kogi. Yashin da ya ƙoshi da ruwa ya fi busasshe nauyi a kan sikeli, mu ce 20 kN/m³, kuma wannan ne ke ruɗar masu koyo har su sa 20 ɗin su ga amsa ta ƙaru. Abin da za ka sa shi ne abin da ya rage bayan an cire nauyin ruwa: γ' = 20 − 9.81, wato kusan 10.2.

Yanzu mu bi ruwan yana hawa a misalinmu. In yana ƙasa da gindin harsashi da fiye da mita 1.5, wato B, ka bar lissafi yadda yake. In ya hau har ya rage rabin mita ya taɓa gindin, sai ka yi matsakaici, d kuma shi ne tazarar da ta rage:

```
γm = γ' + (d/B)·(γ − γ')
   = 10.2 + (0.5/1.5)×7.8 = 12.8
```

Kashi na ƙarshe ya sauko daga 302 zuwa 215, qu ya koma 546. In ruwan ya taɓa gindin, kashin ya zama 171, qu kuma 502. Ka lura har yanzu 331 bai motsa ba, domin ƙasar gefe ba ta jiƙe ba. In ruwan ya kai doron ƙasa, to q ma ya faɗi zuwa 10.2, kashinsa ya zama 188, jimla 359. Yashi bai canza ba, harsashi bai canza ba, amma daga 633 an dawo 359.

Saboda haka ba matakin ruwan da ka gani ranar haƙa rami za ka yi aiki da shi ba. Ramin gwajin da aka haƙa lokacin rani zai nuna maka busasshen yashi, ginin kuwa zai ga shekara da shekaru na ruwan sama. Nemi mafi tsayin inda ruwa zai iya kaiwa. In babu bayani, ni ina ɗauka ya kai gindin harsashi, a wuri mai kwari kuma har doron ƙasa. Ƙarin faɗin kankare kuɗi ne, na sani, amma bai kai kuɗin tallafe bangon da ya riga ya tsage ba.

Haka nan q yana nan ne muddin ƙasar gefen tana nan. In daga baya aka haƙa ramin bututu a jikin bangon har zurfin gindi, an kwashe 331 ɗin a wannan ɓangaren, kuma ta ɓangaren da ya fi rauni harsashi yake tafiya.

Mataki na ƙarshe, cire q daga qu, ka raba da 3 don barin tazarar kariya, ka samu matsin da za a yarda a ɗora. Ba ruwa: (633 − 18)/3, kusan 205 kPa, wato kimanin 308 kN kan kowace mita ta bango. Ruwa a gindi, 161 kPa. Ruwa a doron ƙasa, 116 kPa. Duk wannan na nauyin da ya sauka a miƙe ne, a tsakiyar harsashi, a shimfiɗaɗɗen wuri. In ya kauce daga tsakiya da tazarar e, yi amfani da B − 2e a madadin B. In yashin sako-sako ne, Terzaghi ya ce a rage tanφ zuwa biyu bisa uku kafin a nemo Nq da Nγ. Daga nan sai ka duba nutsewa daban, domin a faffaɗan harsashi kan yashi, iyakar milimita 25 da aka saba sawa takan cika tun kafin a kai wannan lambar.