Yadda ake rubuta sakamakon lissafi da lambobin da awo ya yarda da su

Kalkuleta ba ta san da wane ma'auni ka yi awo ba. Idan ka ba ta 47.36 ka ce ta raba da 6.0, za ta zubo maka 7.893333333, duk wanda ya kwafe wannan a takardarsa kuwa ya yi iƙirarin sanin abin da bai sani ba. Muhimman lambobi su ne waɗanda awonka zai iya tsaya musu: duk lambobin da ka tabbatar a jikin ma'auni, da guda ɗaya ta ƙarshe wadda ka ƙiyasta da ido. Za mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe, wato gano densiti na wani guntun ƙarfe, ma'ana nauyinsa a raba da girman wurin da ya cika.

Mataki na farko: ƙirga muhimman lambobin kowane awo tun kafin ka taɓa kalkuleta. Ka ɗora ƙarfen a sikeli ya nuna 47.36 g, wannan lambobi huɗu ne. Ka zuba ruwa a silinda mai zanen awo ka karanta 25.0 mL, ka jefa ƙarfen ciki ruwan ya tashi zuwa 31.0 mL, kowanne lambobi uku ke nan. Daga 1 zuwa 9 babu gardama, duk ana ƙirga su. Sifili ne mai rikici. Wanda ke tsakiya, kamar a 205, ana ƙirga shi. Wanda ke farkon lamba, kamar a 0.0060, riƙon wuri kawai yake yi, ba ya cikin ƙirga. Wanda ya zo a ƙarshe bayan ɗigo kuwa yana da muhimmanci, don haka 0.0060 lambobi biyu ne, 6 da sifilin da ke binta. Mai rubuta 25.0 yana cewa ya duba har kashi ɗaya cikin goma na mililita. Mai rubuta 25 bai faɗi haka ba.

Mataki na biyu: a tarawa da ɗebewa, dubi gurbin da ke bayan ɗigo, ba yawan lambobi ba. Girman ƙarfen shi ne 31.0 − 25.0 = 6.0 mL. Kowane awo ya tsaya a gurbi ɗaya bayan ɗigo, amsa ma nan za ta tsaya. Haka idan ka tara 47.36 g da 2.1 g, kalkuleta za ta ce 49.46, amma kai 49.5 g za ka rubuta, domin ba ka san abin da ke gurbi na biyu na 2.1 ba.

A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Ka shiga ɗebewa da awo biyu masu lambobi uku-uku, ka fito da 6.0 mai lambobi biyu kacal. Ɗebewa tana cinye muhimman lambobi, kuma gwargwadon kusancin lambobin biyu, gwargwadon cin da take yi. Wanda bai lura ba zai ci gaba da ɗaukar cewa yana da uku a hannu, alhali ɗaya ta riga ta zube.

Mataki na uku: a ninkawa da rabawa, awon da ya fi ƙarancin muhimman lambobi shi ne ke yanke hukunci. Nauyi yana da huɗu, girma yana da biyu, saboda haka amsa biyu za ta samu:

47.36 g ÷ 6.0 mL = 7.8933… → 7.9 g/mL

Idan ranka bai kwanta da zubar da sauran ba, gwada wannan. A ce karatun silinda ya kauce kaɗan, girman na gaskiya 5.9 mL ne, amsa za ta zama 8.03. In kuma 6.1 mL ne, za ta zama 7.76. Tun a lamba ta biyu amsar ta fara rawa, to ina amfanin rubuta ta uku da ta huɗu? Wannan gwaji, na ɗan motsa lambar ƙarshe ta awo mafi rauni a ga inda amsa ta fara canzawa, ni a gani na ya fi haddace doka amfani, don dokar ƙirga lambobi ƙiyasi ce kawai ta abin da gwajin ke nunawa kai tsaye.

Ingancin sikelin bai cece ka ba. Da za ka sayi wanda ke nuna 47.3612 g, amsar tana nan a 7.9. Gyaran yana wajen girma. Ɗauki ƙarfe mai nauyin 236.8 g, ruwa ya tashi daga 50.0 zuwa 80.1 mL, bambancin 30.1 mL ne mai lambobi uku, amsa ta zama 7.87 g/mL, wanda shi ne densitin tsantsar baƙin ƙarfe.

Mataki na huɗu: kada ka datse lamba a tsakiyar hanya, sai a ƙarshe, sau ɗaya. A ce guntun farko mai kusurwa huɗu ne, ka auna gefunansa ka samu 2.46 cm da 1.35 cm da 1.8 cm. Na farko sau na biyu 3.321 ne. Mai gaggawa zai ce ai lambobi biyu za a ƙare da su, ya mayar da shi 3.3, ya ninka da 1.8 ya samu 5.94, ya sake datsewa zuwa 5.9, ya raba nauyi da shi ya fito da 8.0. Wanda ya bar lambobin a kalkuleta zai samu girma 5.9778, densiti 7.9226, ya datse ya rubuta 7.9 g/cm³. Awo ɗaya, amsa biyu, bambancin kuma daga datsewa da wuri ya fito. In dole ne ka rubuta sakamakon tsakiya, ajiye ƙarin lamba ɗaya ko biyu, ka ja layi ƙarƙashin muhimmiyar lambar ƙarshe don kada ka manta iyakarka.

Datsewar kanta ba wuya: dubi lambar farko da za ka yar, in ta gaza 5 ka bar ta baya yadda take, in ta kai 5 ko ta wuce ka ƙara mata ɗaya. Idan 5 ce cak ba komai a bayanta, wasu ɗakunan gwaji suna datsewa zuwa lambar da biyu ke raba ta daidai, sai ka bi tsarin inda kake aiki. Kuma kada ka datse daki-daki: 7.846 zuwa lambobi biyu 7.8 ne, ba a bi ta 7.85 a kai 7.9.

Akwai lambobin da ba sa shiga wannan shari'a. Abin da aka ƙirga, kamar gwaji sau 3, da abin da aka ayyana, kamar 1000 g a kilogiram ɗaya, ba awo ba ne, ba su da ƙiyasi, don haka ba sa rage lambobin amsa.

Mataki na ƙarshe: rubuta amsar yadda mai karatu zai gane lambobi nawa kake nufi. Idan aka nemi densitin a kilogiram kan kubik mita, 7.9 g/mL zai koma 7900 kg/m³, sifilai biyun nan kuma ba wanda zai iya cewa auna su aka yi ko riƙon wuri suke. Rubuta 7.9 × 10³ kg/m³, shakka ta kau. Matsalar tana zuwa ta ɗaya ɓangaren ma: kalkuleta na yar da sifilin ƙarshe, ta nuna 6 a inda ya kamata a ga 6.0. Kai ne za ka mayar da shi da hannunka, ka kuma sa alamar ma'aunin a gefensa, mL ko g ko cm³.