Yadda na gyara hotunan da suka ƙi mutuwa

A Jos na goge hotunan biki daga Gallery na waya. Da na buɗe sabuwar wayata a Abuja sai ga su reras. Ashe Google Photos ya riga ya kwashe su ya ajiye a intanet, ni kuma na cikin waya kawai na share.

Sai na shiga Google Photos ɗin kansa na goge su daga can, sannan na buɗe Trash, wato kwandon shararsa, na kwashe shi tas, domin abin da aka ajiye yakan kwana 60 a ciki kafin ya tafi.

Saura tsohuwar wayar Yaya, wadda ke da asusuna. Kafin ta hau intanet na kashe Backup, na share nata kwafin, kar ta sake tura su sama. Na duba photos.google.com, wayam.