Kafin ka zuba tubali a filin awon igiya

Jama'a, masu sayen fili a gefen garin Katsina, a kula da wannan. Takardar mai unguwa da sa hannun shaidu shaidar ciniki ce kawai, ba izinin gini ba ce. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen birni suna hannun gwamna, kuma hukumar tsara birane ta jiha ce ke amincewa da zanen gini.

To, kafin ka biya, ɗauki zanen safiyo ka je ofishin hukumar, a duba maka abin da aka ware wurin dominsa. Wani filin da kake gani shimfiɗe, a taswira hanya ce, ko makaranta, ko magudanar ruwa. Dillali ba zai faɗa maka ba, shi la'adarsa yake nema.

A ce ka sayi hamsin sau hamsin a unguwar zama, kana son shaguna a gaba. Wannan canjin amfani ne, sai ka nemi izininsa daban. In ka yi gaban kanka, za a shafa wa katangarka jan fenti a dakatar da aiki, in ka ci gaba kuma ana iya rushewa ba diyya.