Idan batirin litiyam ya yanke wuta: kurakuran da ake yi wa gargaɗin BMS

Yawancin mutanen da ke kawo ƙarar batirin litiyam da magana ɗaya suke farawa: "BMS ɗin ne ya lalace, yana ta yanke wuta." In ka buɗe ka duba, sau da yawa BMS, wato allon da ke kare batirin, lafiyarsa ƙalau, aikinsa yake yi. Wani abu ya gani a cikin batirin wanda mai batirin bai gani ba.

Batirin litiyam nau'in LiFePO4 mai 51.2V ba dunƙule ɗaya ba ne. Ƙwayoyi 16 ne aka jera bi da bi, kowace 3.2V. Ƙwaya ɗaya ba ta son ta haura 3.65V wajen caji, ba ta kuma son ta sauka ƙasa da 2.5V wajen aiki. BMS wani ɗan allo ne da ke da siririyar waya zuwa kowace ƙwaya, yana auna boltej ɗinta ita kaɗai. Yana auna amfiya nawa ke shiga ko fita, yana kuma jin zafin ƙwayoyin. A hannunsa akwai ƙofa biyu, ta caji da ta fitar da wuta, kuma yana iya rufe ɗaya ya bar ɗaya. Shi ya sa za ka ga batir ya ƙi karɓar caji amma yana ba da wuta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kallon jimillar boltej. Inbata jimilla take gani, BMS kuwa ƙwaya ɗaya-ɗaya yake kallo. Ɗauki batir mai 100Ah da aka saita wa caji a 56.8V. Kullum da ya kai wajen 55V sai caji ya tsaya, allo ya nuna `Cell OVP`, wato boltej ɗin wata ƙwaya ya wuce iyaka, ko wani abu mai kama da shi. Mai batirin ya ce ai bai ma kai inda aka saita ba, to wane irin wuce iyaka? Buɗe manhajar BMS a daidai lokacin da abin ke faruwa, ka dubi jerin ƙwayoyin. Za ka tarar 15 suna wajen 3.42V, ɗaya kuma, a ce ta bakwai, ta kai 3.65V. Haɗa lissafin: 15 sau 3.42 ya ba da 51.3, ƙara 3.65, ka samu 54.95V. Jimillar ba ta da laifi, ƙwaya ta bakwai ce ta riga sauran cika, sai BMS ya rufe ƙofar caji don ita.

A nan ne wasu ke shiga saiti su ɗaga iyakar zuwa 3.8V don gargaɗin ya yi shiru. Zai yi shiru kam, amma ƙwaya ta bakwai za ta riƙa shan cajin da ya fi ƙarfinta kullum, har ta kumbura ta rasa ƙarfi. Abin yi na farko shi ne a kashe komai, a duba notin da ke kan wannan ƙwaya da siririyar wayarta, domin haɗin da ya yi sako-sako yana sa boltej ya hau na ƙarya yayin da wuta ke gudana. Alamarsa ita ce ƙwayar ta fi kowa hawa lokacin caji, ta kuma fi kowa sauka lokacin aiki. Ƙwayar da ta raunana ma haka take yi, don haka in an ɗaure noti abin bai sauya ba, ita ce abin tuhuma. In kuwa a sama kawai take rigan sauran, to rashin daidaito ne, kuma yana gyaruwa.

Gyaran yana son haƙuri. Sauke boltej ɗin caji zuwa wajen 54.4V, yadda BMS ba zai yanke ba, ka bar batirin ya zauna a nan na sa'o'i. Galibin BMS suna daidaita ƙwayoyi ne ta hanyar ƙona wa wadda ta fi cika 'yar wuta a kan rizista, kuma sai ƙwaya ta kai wajen 3.4V suke farawa. Wutar da suke ragewa kaɗan ce ƙwarai. In BMS ɗinka 50mA yake ja, ƙwayar kuma ta riga sauran da 2Ah, sa'a 40 ke nan na daidaitawa. Ba aikin yini ɗaya ba ne, kuma wanda bai san wannan lissafi ba shi ne ke cewa ya gwada bai yi ba. Da tazarar ta ragu sai ka riƙa ɗaga boltej ɗin kaɗan-kaɗan, zuwa 55.2V, har zuwa inda kamfanin batirin ya rubuta. Kada ka yi hukunci da tazarar da ka gani batir na rabin caji. A tsakiya, boltej ɗin LiFePO4 kusan a shimfiɗe yake, duk ƙwayoyin za su yi kamar kansu ɗaya. A kusa da cika ake gane gaskiyarsu.

Wannan shimfiɗuwar ce ma ke jawo wani ruɗanin. BMS yana ƙirga kason caji ne ta lissafa abin da ya shiga da abin da ya fita, kuma ƙaramin kuskure yana taruwa. Batirin da ya yi makonni bai cika ba zai iya nuna 30% sannan ya yanke da `UVP`, wato gargaɗin boltej ya yi ƙasa. Ƙwaya ce ta kai ƙasa da gaske, lambar ce ta ɓace. Cikakken caji guda ɗaya yakan mayar da lissafin daidai. Bayan irin wannan yankewa, in ka sa mita a kan batirin ka ga kusan 0V, kada ka ce ya mutu. Ƙofa ce a rufe. Wasu cajoji ba sa tashi sai sun ga boltej, don haka a nemi cajar litiyam mai iya tada shi, ko a danna maɓallin tayarwa in akwai. Kuma a yi da wuri, domin BMS kansa yana ci gaba da shan 'yar wuta daga ƙwayoyin da suka riga suka ƙare.

Gargaɗin `OCP`, wato amfiya ta wuce iyaka, lissafi ne kawai. Batir mai 12.8V da BMS mai 100A abin da zai iya bayarwa bai wuce wat 1,280 ba. Ɗora masa kayan wat 2,000, za su nemi sama da 156A, dole ya yanke. Firji da famfon ruwa kuma suna jan ninkin wutarsu a daƙiƙar tashi. A rage kaya ko a ƙara batir. Shi kuwa `SCP`, gargaɗin haɗuwar waya, da ke fitowa a daidai lokacin da ka jona inbata, ga tartsatsi, yawanci kafasitocin inbatar ne, wato 'yan ma'ajiyar wuta da ke cikinta, da ke wofi suka zuƙi wuta farat ɗaya, BMS ya ɗauka waya ce ta haɗu. A fara cika su ta rizista na 'yan daƙiƙoƙi kafin a ɗaure wayar. Amma in ya fito ana tsakiyar aiki, a kashe a bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya.

Gargaɗin zafi da sanyi ba a jayayya da shi. Caji a ƙasa da 0°C yana sa litiyam ya taru ya zama ƙarfe a cikin ƙwayar, ɓarnar kuma ba ta gyaruwa. In na zafi ne, duba ko ƙwayoyin ne suka ɗau zafi ko allon BMS ɗin, domin na biyun yakan nuna kaya sun yi yawa ko noti ya saki.

Abin da nake roƙon kowa ya bari shi ne tsallake BMS, a jona waya kai tsaye da ƙwayoyin don wuta ta dawo. Daga wannan lokaci caja jimilla kaɗai take gani, ƙwaya ta bakwai za ta haura 4V babu mai tsayar da ita. Kafin ka taɓa kowane saiti, ɗauki hoton jerin ƙwayoyin a lokacin da gargaɗin ya fito, ka rubuta amfiya da zafin da allon ya nuna, domin 'yan mintuna bayan yankewa boltej ɗin ƙwayoyin zai koma kusa da juna, shaidar ta ɓace.