Yadda Na Jera Ayyukan da Suka Taso Mini Lokaci Guda

Ayyuka 4 ne suka taso mini a mako guda, kowane da mai jiransa. Na ba kowanne maki biyu daga 1 zuwa 5, ɗaya na amfaninsa, ɗaya na wahalarsa, sannan na raba amfani da wahala domin in fara da wanda sakamakonsa ya fi yawa.

Da farko dabarar ba ta yi aiki ba, domin duka huɗun na ba su 5 a amfani, kasancewar ƙorafin masu jira nake aunawa, ba aikin ba. Sai na hana kaina maimaita maki, kuma na tambayi abin da zai lalace idan aiki ya kwana bakwai ba a taɓa shi ba.

Gyaran kuskuren takardar biyan kuɗi ya sami amfani 4 da wahala 1, wato 4, na gama shi cikin awa guda. Rahoton shekara kuwa, mai amfani 5 da wahala 5, ya tashi da 1, ya koma can ƙasa, alhali shi ne mafi muhimmanci. Rabawar tana danne manyan ayyuka, don haka na gutsuttsura shi, kuma tattara alƙalumansa kaɗai, mai wahala 2, ya hau na biyu.