Darasi Na Bakwai: Mai Babur da Babbar Mota a Cikin Cunkoso

A Nijeriya da Nijar ana tuƙi a hannun dama, direba kuma yana zaune a gefen hagu na motarsa. Direban tirela ko tifa ko babbar bas yana can sama. Ba ya ganin abin da ke ƙasa kusa da motarsa sai ta madubi, madubin ma ba ya nuna masa ko'ina.

Wurare huɗu ne ke ɓoye masa: dab da hancin motar, dab da bayanta, gefen hagu daga bayan ƙofarsa, da kuma gefen dama. Na dama ya fi girma, ya fi hatsari, domin shi ne mafi nisa daga direba. Babur da mahayinsa suna iya ɓacewa ƙurmus a wurin.

Ta yaya za ka san ko yana ganinka? Dubi madubinsa na gefe. Idan ba ka hango fuskarsa a ciki ba, to shi ma bai hango ka ba. Ko ka hango fuskar, kada ka saki jiki, don mai yiwuwa hankalinsa na wani wurin.

Ga misali. Ka iso mararraba, danja ta tsayar da ababen hawa. A gabanka akwai tirela. Tsakaninta da bakin kwata akwai ɗan fili wanda babur zai shiga. Zuciya ta ce ka kutsa ka wuce gaba. Kada ka shiga.

Idan tirela za ta sha kwana zuwa dama, sai direba ya fara buɗewa hagu, don ya samu wurin juya doguwar motarsa. Wanda bai sani ba zai ɗauka an ba shi hanya ne. Amma da zarar kan motar ya karya dama, tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba. Suna yanke kwanar ta ciki, su matso bakin kwata. Filin da ka shiga sai ya tsuke. Hagunka taya, damanka kwata, gaba a toshe, babur kuma ba ya ja da baya. Ko ka danna oda, ƙarar injin na iya hana direba ji. Ba kowace mota ce siginarta ke aiki ba, saboda haka rashin ganin sigina ba ya nufin ba za ta juya ba.

Abin yi shi ne ka tsaya a bayanta, da tazara, ka ɗan karkata hagu inda za ka riƙa hango madubin direba. Ka jira ta gama shan kwanarta. Idan a hawa aka tsaya, ƙara tazarar, domin mota mai nauyin kaya takan ɗan gangaro baya kafin ta tashi.

Yanzu batun tazara yayin tafiya. Babur mai gudun kilomita 40 a awa yana cin kimanin mita 11 a kowane sakan. Kafin idonka ya ga fitilar birki, hannunka ya kama birki, sakan guda na iya wucewa. Wato ka ci mita 11 ba ka ko fara tsayawa ba. Don haka bar aƙalla sakan biyu tsakaninka da na gabanka. Ga yadda ake aunawa: zaɓi turken lantarki a gefen titi. Da motar gabanka ta wuce shi, ƙirga ɗaya, biyu, daidai da bugun agogo. Idan ka iso turken kafin ka gama, ka matse da yawa. A lokacin ruwan sama, ko idan ka ɗauko kaya ko fasinja, ƙirga har huɗu.

A bayan babbar mota kada ka bi tsakiya tsaf. Motar tana tsallake rami ko dutse ta tsakanin tayoyinta, kai kuwa sai dai ka gan shi a gabanka kwatsam. A tsakiyar nan ne kuma baƙin mai ke ɗiga, musamman inda motoci ke tsayawa. Bi sawun tayarta ta hagu.

Bas kuma tana iya komawa dama ta tsaya ba zato, fasinja su sauko ta wannan gefen. Wuce ta ta hagu, a hankali, kana sa ran wani zai ɓullo ta gabanta yana tsallaka titi. Idan za ka wuce tirela, ta hagu nan ma, sai ka ga gaba a buɗe, kuma kada ka jera da ita kuna tafiya tare. Kada ka dawo gabanta sai ka yi nisa, don mota mai nauyi tana bukatar fili mai tsawo kafin ta tsaya.

Tambayoyi

1. Wane gefe na babbar mota ne ya fi ɓoye wa direba?
2. Me ya sa tirela ke buɗewa hagu kafin ta juya dama?
3. Sakan nawa za ka bari idan ana ruwa?

Aikin yi

Ku je tasha tare da malaminku, ku roƙi wani direba izini. Mutum ɗaya ya hau kujerar direba, motar tana kashe. Wani ya tura babur a hankali ya zagaya ta. Duk inda na sama ya daina ganin babur ɗin, a ja layi a ƙasa. Sannan ku canza, kowa ya hau ya duba.